Dala, hatsi ko adashi: ina mai albashi zai ajiye rararsa?

Sadisu, Kubwa: Ni dai ra'ayina shi ne, duk ma'aikacin da yake barin rarar albashinsa a naira, a banki ko a adashi, kansa yake cuta. Ranar da albashi ya shigo, a wuce Zone 4, matattarar 'yan canji a Abuja, a mai da rarar dala. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Malam Isiyaku, Gwagwalada: Ƙanena Sadisu, rabin maganarka gaskiya ce. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, dala tana wajen 360, wato kimanin dala 83. A Yulin 2024 aka mai da shi 70,000, amma a farashin lokacin bai wuce dala 45 ba. A Disamban 2024 kuma hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, don haka naira 100,000 da ta shekara a kwance ba za ta sayi abin da 75,000 ta saya a bara ba sai da ƙyar. Inda muka rabu shi ne maganin. Mai albashi ba dala yake ci ba, masara da shinkafa da kuɗin mota da haya ne suke cinye masa kuɗi, kuma ya san ranar da kowannensu zai zo. Abin da ya kamata ya tambayi kansa shi ne: wannan kuɗin da nake ajiyewa, me zan saya da shi, kuma yaushe? Idan abin yana ajiyuwa, a saye shi tun yanzu.

Madam Rifkatu, Karu: Bari in ba da nawa labarin, domin na bi irin shawarar Sadisu. A Fabrairun 2024, da kowa yake cewa dala za ta kai dubu biyu, na kwashe kuɗin hayar da na tara, naira 540,000, na sayi dala 300 a kan 1,800. A watan Afrilu haya ta cika, mai gida ba ya jira, dalar kuwa ta faɗo, na sayar a kan 1,150. Naira 345,000 ta dawo hannuna, sai da na ci bashi na cike. Daga baya dalar ta sake hawa, amma wannan bai amfane ni da komai ba, tunda ranar biyana ta riga ta wuce.

Sadisu, Kubwa: Madam, ai lokacin da kika shiga ne bai yi daidai ba. Wanda ya saya a farkon 2023 a kan ɗari bakwai da wani abu, kuɗinsa ya ninka.

Madam Rifkatu, Karu: Haka ne, amma wa ya sani a ranar saye cewa lokacin bai yi daidai ba? Kuma ko farashi bai motsa ba, ɗan canji yana sayar maka da tsada ya saya a hannunka da sauƙi, wannan tazarar a kanka take.

Kwamared Bala, Nyanya: Duk wannan magana ta waɗanda suke da rara ce. Gyara yana hannun ƙungiyar ƙwadago. Dokar 2024 ta rage wa'adin duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, kuma sai an matsa ake samu.

Malam Isiyaku, Gwagwalada: Ba mu ƙi ba, Kwamared, sai dai kafin shekara uku ta zagayo dole a ci tuwo. Muna magana ne a kan wanda yake iya ware ko da dubu goma a wata.

Hajiya Talatu, Suleja: Ni adashin da Sadisu ya kushe shi ne yake damuna. Mu goma ne a ofis, kowa yana zuba 20,000 a wata, ana kwasar 200,000. Kullum ni ce ta ƙarshe, saboda ina ganin haka ya fi tsare min kuɗin. Ɗana ya lissafa min cewa kuɗin da nake kwasa a wata na goma darajarsa ba ta wuce 165,000 ta watan farko ba, ke nan ina asarar dubu talatin da biyar kowane zagaye.

Malam Isiyaku, Gwagwalada: Hajiya, lissafin yaron ya yi daidai idan farashi yana hawa da kashi talatin a shekara, amma ya bar ɓangare ɗaya. Ba a watan farko kika zuba dubu ɗari biyun gaba ɗaya ba, zubin da kika yi a wata na takwas da na tara shi ma da naira mai rauni kika yi shi. Idan aka auna duk zubinki da darajar watan farko, bai wuce 182,000 ba. Asararki ta gaske ke nan wajen 17,000 ce, kuma kusan ita ce ribar wanda ya fara kwasa. Adashi bai lalace ba, jerin kwasa ne ya zama abin adalci. Ku riƙa juya shi, wanda ya zo ƙarshe bana ya fara a zagaye na gaba, ko ku raba kanku gida biyu domin zagayen ya gajarta zuwa wata biyar. Ke kuma ki nemi kwasarki ta faɗo a Nuwamba ko Disamba, lokacin kaka, ki mai da ita abincin gida.

Ga yadda nake yi a gidana na mutum bakwai. Buhun masara ɗaya yana kai mu wata biyu, saboda haka huɗu nake saye, su kai ni zuwa Agusta, tare da buhun wake guda. Kafin in biya sai na ciji ƙwayar: idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotsa akwai danshi, kuma za ta yi funfuna. Ina zuba ta a buhun nan mai leda biyu a ciki, in matse iska, in ɗaure kowace leda daban, in ɗora a kan katako nesa da bango. Ƙwari suna mutuwa da kansu don rashin iska, ba a bukatar maganin feshi, wanda zuba shi a abinci haɗari ne ga yara. Idan ɓera ya huda ledar kuwa, aikin ya ɓaci, sai a sauya buhu nan take.

Sadisu, Kubwa: To Malam, hatsin ma ai yana faɗuwa. Waɗanda suka tara masara a ƙarshen 2024 da niyyar sayarwa sun ji jiki a 2025, domin farashin sauka ya yi. Mene ne bambancinsa da dala?

Malam Isiyaku, Gwagwalada: Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma ni ma a shekarar na saya da tsada fiye da wanda ya jira. Bambancin shi ne ban sayar da ko mudu ɗaya ba, cinyewa muka yi, don haka asarata ba ta wuce tazarar farashin buhu huɗu ba, kuma babu ranar da aka tilasta min in kai kasuwa. Iyakar dabarar ke nan: a sayi abin da gida zai ci kafin wata kakar, kada a ƙara, kuma kada a ci bashi mai ruwa don a saya. Dala na yarda da ita ga wanda bukatarsa take bin dala, kamar mai tarin kuɗin Hajji ko mai ɗa a makaranta a waje.

Madam Rifkatu, Karu: Har yanzu ba a amsa tawa ba. Haya ba ta shiga buhu, kuma ita ce babban nauyinmu a Abuja. Bana na roƙi mai gidana ya riƙa karɓa duk wata uku a kan farashin da muka rubuta, yana ba ni rasit, domin kada kuɗin ya kwanta a hannuna yana narkewa. Ya karɓi biyu, yanzu yana cewa zai ƙara kafin na uku.

Hajiya Talatu, Suleja: Takardar da kuka rubuta, akwai shaidu a kanta?

Madam Rifkatu, Karu: Sa hannunsa da nawa ne kawai, Hajiya. Ranar Asabar zan kai wa wani lauya a cocinmu ya duba min ita.