Neman kalma: me za mu kira "filatfom" na takalmin mata?

'Yar Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan gida. Kalma nake nema. Ni dai gajeriya ce, ƙafa 4 da inci 11, kuma muna da biki wata mai kamawa, an fitar da anko leshi. Masu saida takalma a waya sai su rubuta maka "hil inci 4, filatfom inci 1". Hil na gane, shi muke ce wa tsini ko tudu. Filatfom ɗin nan fa, wato kaurin da ke ƙarƙashin yatsu ta gaba, me sunansa da Hausa? Telanmu dattijo ne a Fagge, na ce masa takalmin mai filatfom ne ya ce in yi masa Hausa. Na ce mai tudu, ya ce ai kowane takalmin biki mai tudu ne.

Ɗan Sabon Titi: Dandali ake cewa. Kamar yadda ake cewa dandalin sada zumunta.

'Yar Gwammaja: Yaya, takalmi nake nufi, ba na waya ba.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. In asalin ma'anar za a bi, dandamali ne, wurin da aka ɗaga sama da ƙasa don a tsaya a kai. "Takalmi mai dandamali" bai saɓa wa ƙa'ida ba. Akwai kuma dakali, amma shi na zama ne. Ni dandamali na zaɓa.

Mai Shagon Takalma: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma in na ce wa mace a shago "ga mai dandamali" dariya za ta yi, ta ɗauka zolayarta nake. Kuma bai faɗi inda kaurin yake ba, alhali nan ne maganar take. Abin da nake ji a bakin masu ciniki a Sabon Gari da Kwari: mai tsini shi ne siririn dunduniya, mai tudu kuma sun haɗa komai a ciki, da mai faffaɗar dunduniya, da wanda ƙasansa ke cike tun daga baya har gaba. Ni in ina bayani cewa nake tudun baya da tudun gaba. Tudun gaba shi ne filatfom ɗinki, ƙanwata.

Anti Tela: Na yarda da tudun gaba da tudun baya. Amma sai an ƙara ta uku, don ita ce ƙafa take ji: abin da ya rage in an cire na gaba daga na baya. Ni gangara nake ce mata. Takalmin da kika kawo, baya 4, gaba 1, gangararsa 3 ke nan. Ƙafarki a cikinsa za ta karkata daidai da yadda za ta karkata a tsini mai inci 3 wanda gabansa ke manne da ƙasa. Gajiyar kusan ɗaya ce, amma mai tudun gaban ya fi ɗaga ki da inci guda. Shi ya sa gajeriya ta fi kowa buƙatar ta san bambancin.

Kuma ki lura da lambar ƙafarki. Yawancin gajeru ƙafarsu ƙarama ce, 36 ko 37. Daga dunduniya zuwa gindin yatsu tazarar kaɗan ce, don haka gangara 3 a ƙafa mai lamba 36 ta fi miƙewa a tsaye fiye da gangara 3 a ƙafa mai lamba 41. Ƙawarki doguwa za ta ce miki ai inci 4 ba komai ba ne, kada ki biye mata, ba ƙafa ɗaya gare ku ba. Alamar gangara ta yi miki yawa: ki tsaya cikin takalmin, in gwiwarki ta ƙi miƙewa sosai, ko yatsunki suna zamewa suna leƙowa ta gaba, ko kin kasa ɗaga dunduniyarki ko kaɗan daga cikinsa, ki ajiye shi.

Malamin Hausa: Gangara ta zauna, Hajiya, ban da ja. Amma tudu fa a Hausa ƙasa ce da ta taso. Ɗori bai fi ba? Ɗorin gaba, tunda ɗora shi aka yi.

Maman Biyu: Malam, ɗori kuma a maganar takalmi mai tsini? Sai ka tuna wa mutum karaya. A bar shi.

'Yar Gwammaja: Anti, na gode. Lambata 36 ce kuwa. To yanzu in ce wa Baba tela ya ƙara inci 4 a kan awona na da? Awon siket ɗina a wurinsa 37 ne, daga ƙugu zuwa ƙasa, ba takalmi.

Anti Tela: A'a, nan ne ɗinki yake lalacewa. Tudun baya inci 4 ba ya ƙara miki tsawo inci 4. Tudun gaba shi yana ba ki nasa cif, don duk ƙafar ya ɗaga. Gangara kuwa ba ta bayarwa duka, saboda ƙafar a kan gindin yatsu take juyawa, idon sawu kuma yana gaba da ƙarshen dunduniya, bai kai ta tashi ba. A gangara 3, abin da za ki samu wajen inci 2 da rabi ne, wata ma bai kai ba. Haɗa da 1 na gaba, 3 da rabi.

Mu yi lissafinki. Ba takalmi 37. Da wannan takalmin, ƙugu zuwa ƙasa zai zo wajen 40 da rabi. Ki bar rabin inci tsakanin bakin siket da ƙasa don kada ya yi shara, siket ya ƙare a 40. In Baba ya ƙara 4 kai tsaye ya zama 41, kin ga yana jan ƙasa, tsinin kuma zai riƙa kama bakinsa ta baya, leshi ne, rami ɗaya ya shiga ya yage. In kuma ya bar shi a 37, siket zai tsaya sama da ƙasa da inci 3 da rabi, duk takalmin a waje, kowa ya ga inda tsawonki ya ƙare da inda na takalmi ya fara. Abin da ke sa a ga mace ta yi tsawo shi ne ido ya sauko daga ƙugu har ƙasa bai ci karo da inda aka yanke ba, sai ɗan kan takalmi yana leƙowa in ta taka.

Amma wannan lissafin na fahimta ne. Ki sayi takalmin tukuna, ki tafi da shi wurin awo, ki sa shi ki tsaya a kan siminti, ba a kan kafet ba. A auna gaba, a auna gefe, a auna baya, domin mazaunai suna ɗage siket ta baya, wata sai an ƙara mata inci ɗaya a can kafin bakin ya daidaita. Tunda telan namiji ne, ki sa wata ta auna ki a gida ki kai masa lambobin uku.

Abu na ƙarshe, da yake leshi ne: bakinsa yana da adonsa, ba a yanke shi kuma ba a kalmasa shi kamar atamfa. In ya yi tsawo, daga ƙugu ake ragewa, sai an farke zif da bel. A atamfa kina iya cewa a bar miki kalmasa mai faɗi ko za ki sake takalmi. A leshi babu wannan damar.

Maman Biyu: Ni abin da ya same ni ke nan a bikin ƙanwata. An yi mini siket a kan takalmin dina, ranar yini ƙafa ta kumbura na koma silifas, na wuni ina tattare siket a hannu, bakinsa duk ya kwashi ƙura. Tun daga nan zani nake yi wa yini, in na sake takalmi sai in sake ɗauri.

Ɗalibar BUK: Ni fa a ganina duk wannan wahala ce. Gajeriya ta sa siket mai tsayawa a ƙwauri, ƙafa ta fito, shi ne ke ƙara tsawo. Haka masu kwalliya ke faɗa.

Anti Tela: Da gaskiyarki ta wani ɓangaren, 'yata. Masu faɗin haka suna maganar siket mai tsayawa a gwiwa ko sama da ita, da takalmi kalar fata, kuma ba shi za a sa a fita biki a Kano ba. Wanda ya tsaya tsakiyar sharaɓa kuwa shi ya fi duka gajarta mace, don ya yanke ƙafar a inda ta fi kauri. In ba za a kai ƙasa ba, a tsaya daidai idon sawu, inda ƙafa ta fi siranta. Kuma rigar sama tana da nata: in ta sauko ta rufe cinya, ta cinye abin da takalmin ya ƙara. Ta tsaya a saman ƙugu kaɗan ko daidai shi, in siket ɗin mai fis shida ne kuma buɗewar ta fara daga gwiwa ko ɗan samanta, ba ƙasa ba.

Mai Shagon Takalma: Ƙari a kan tudun gaba, kada a ɗauka duk alheri ne. Ba ya lanƙwasawa in ana tafiya, kuma ƙafa ba ta jin ƙasa. In ya wuce inci ɗaya da rabi, ga intalok mai gibi ko bakin kwalbati wajen sauka daga adaidaita sahu, targaɗe ba wuya. Ki nemi mai igiya a idon sawu, ai siket zai rufe ta. Wani kuma tudun gabansa a ɓoye yake cikin rufin takalmin, ba a gani daga waje. Ki sa yatsa ɗaya ciki ɗaya waje a daidai gindin yatsu, ki ji kaurin da kanki.

Malamin Hausa: To mun tsaya a tudun gaba, tudun baya, gangara. Na janye dandamali, ko da yake a rubutu ina ganin zai fi kyau. Saura wanda ƙasansa ke cike, da kuke ce wa wej. Mai cikakken tudu?

Mai Shagon Takalma: Ni mai shafaffen ƙasa nake cewa, wasu kuma su ɗauka filat nake nufi. Wannan kam ban da ta cewa.

'Yar Gwammaja: A bar wej zuwa wani bikin. Na tura wa mai takalmin saƙo ta auna mini tudun gaba daban da na baya, ta ce na gaban bai cika inci ba, uku bisa huɗu ne. Anti, gangarar ta zama 3 da kwata ke nan, a lamba 36. In karɓa ko in nemi mai baya 3 da rabi?

Anti Tela: Nemi mai 3 da rabi, in dai za ki shiga fili rawa. Sai a sake awon a kansa, 40 ɗin nan ba ta aiki kuma.