Haruffa masu lanƙwasa sun rikiɗe bayan na kwafo rubutu

Hadiza: Assalamu alaikum. Na kwafo rubutu daga wata tsohuwar manhaja zuwa wata, sai "ƙasa" ta koma `Æ™asa`, "ɗaki" ya koma `É—aki`. A wani wurin har harafin Larabci ya shigo: `ئ™asa`. Don Allah akwai gyara, ko sai na sake bugawa?

Nura: Wa alaikumus salam. Font ne, ki canza shi.

Malam Sani: Nura, da font ne, ɗan akwati fanko za ta gani a gurbin harafin. Nan harafi ɗaya ne ya zama biyu. A tsarin UTF-8, ana ajiye ƙ da lambobi biyu, `C6 99`. Manhajar da ta karanta da Windows-1252 takan ɗauki kowace lamba harafi ce mai zaman kanta, sai ta ba ki Æ da ™. Idan da Windows-1256 na Larabci ta karanta, `C6` ɗin nan ce ke fitowa ئ. Ke nan rubutunki yana nan, karatun ne aka yi ba daidai ba.

Malama Hadiza, ki fara ajiye kwafi a gefe. Ki buɗe sabon shafi a Notepad++, ki shiga `Encoding`, `Character sets`, `Western European`, ki zaɓi `Windows-1252`, sannan ki liƙa rubutun, ki adana fayil ɗin. Daga nan ki danna `UTF-8` a ƙarƙashin `Encoding`. Kada ki taɓa `Convert to UTF-8`, shi lalacewar zai tabbatar. Sashen da ke da Larabci ki ware shi, ki yi masa da `Windows-1256`.

Maman Ilham: Ni dai `Find and Replace` nake yi, in mayar da `Æ™` ƙ, `É—` ɗ, `É“` ɓ. Ya ishe ni.

Malam Sani: Yana yi idan rubutun gajere ne, Hajiya, amma ana mantawa da manyan baƙaƙe, da `â€™` da ke fitowa a gurbin alamar da ke cikin 'ya'ya.

Hadiza: Allah ya saka da alheri, Malam, yawanci ya dawo. Saura wani sashe da ke cewa `?asa`, sai kuma babban Ɓ da ya ƙi.

Malam Sani: Alamar tambayar ba ta da gyara. An taɓa adana sashen a tsarin da babu ƙ a cikinsa, aka jefar da harafin, ba a bar abin da zai nuna ƙ ce ko ɗ ba. Sai ki nemo asalin fayil ɗin. Shi kuma Ɓ lambobinsa `C6 81` ne, kuma `81` ba ta da harafi a Windows-1252, don haka wasu manhajojin suna zubar da ita. Duba ko Æ ce tsaye ita kaɗai.

Nura: To idan Æ kaɗai ta rage, ba sai ta mayar da su Ɓ duka ba?

Malam Sani: Zai iya yi, amma ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ta danna `Replace All`.