Yadda "arne" ta zama zagi, da wa ke da ikon karɓe ta

A wata hira da muka yi a majalisa a Gusau bayan sallar isha'i, wani tsohon malamin makaranta ya ce kalma ba ta zama zagi sai mai ƙarfi ya riƙa jifan na ƙasa da ita. Asalin "arne" mai bin addinin gargajiya ne, har ma akwai Sarkin Arna a wasu garuruwa. Amma da aka riƙa kiran Maguzawa da ita a kasuwa, ana taɓe baki, sai ma'anar ta koma "wanda ba a ɗauke shi mutum ba". Kana ganewa daga murya, da kuma yadda wanda aka kira yake sunkuyar da kai.

Wani matashi ya tambaya: "Baba, to ba za a wanke ta ba?"

Shawarar da aka tsaya a kai ita ce, masu sunan kaɗai ke da wannan iko. Su fara faɗinta a tsakaninsu, a waƙa da kirari, har dafinta ya ragu. Tsohon malamin ya kawo misalin baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda a shekarun 1960 suka mayar da "baƙi" abin alfahari. Ni abin da ya fi kama ni shi ne gargaɗinsa: ko sun karɓe ta, kai na waje ba ka samu izini ba. In kuma dattawansu sun ƙi ta, a bar ta.