Sharaɗin shekara 60 ɗin nan, su wa ya shafa?

Mai tambaya, Maradi: Salamu alaikum 'yan uwa. An ba ni sanarwar rabon hatsi in mayar da ita Hausa daga Faransanci, jibi za a karanta a rediyo. Ta ce za a ba matan da mazansu suka rasu da mata masu riƙe da gida, sai ta ƙare da "masu shekara sama da 60". Shekarun sun hau kan rukunin biyu ne, ko na ƙarshe kaɗai? Wanda ya rubuta ya bar aikin, lambarsa ba ta shiga.

Ɗalibi daga Tibiri: Yaya, kada dai ki sa "zawarawa", don har sakakku za su zo.

Malama daga Tasawa: Gaskiyarka, amma ba nan matsalarta take ba. Ni dai in ce ki jera kalmomin yadda suka zo. Mai fassara ba ya ƙara abin da ba a faɗa ba.

Tsohon tafinta: Malama, da yarjejeniya ce da na bi bayanki, don a can wani lokaci da gangan ake barin magana a buɗe, kuma ba tafinta ke rufe ta ba. Sanarwa kuwa aiki za a yi da ita. Mace mai shekara 35 da marayu za ta biya kuɗin mota daga ƙauyen Madarunfa, a ce mata ba ta ciki.

'Yata, nahawu ba zai raba miki gardama ba, tunda rukunin biyu duk jam'in mata ne. Ki nemi takardar da za a cika wajen rajista. In gurbin shekaru yana ƙarƙashin masu riƙe da gida kawai, kin samu amsa. In babu, duba yawan mutanen da aka ƙiyasta wa kowane rukuni, da sanarwar bara in an yi.

Kuma marubucin ne ya ɓace, masu rabon suna nan. Rubuta fassara biyu, kowace a fayyace: ɗaya ta ce "duka biyun sai sun haura 60", ɗayar ta ce "wadda mijinta ya rasu, ko shekarunta nawa". Ki kai wa shugaban aikin ya zaɓa a rubuce, kada ki karɓi amsar baki.

Mai tambaya: Baba, na duba takardar rajistar. Gurbin shekaru ɗaya ne a sama, kowa zai cika. Shugaban kuma yana Dakoro sai jibi.

Tsohon tafinta: To takardar ba ta nuna komai ba, don ana tambayar shekaru ko ba sharaɗi ba ne. Tura masa jimlolin biyu ta waya yau. In shiru, ki ce a ɗage karantawar.

Malama daga Tasawa: In kuma suka ƙi ɗagewa fa, Malam? Dole dai ta miƙa ɗaya.