Mi za mu ce ma "sifotin" da Hausa? Gobe nika shiga shiri

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 zan karanta wasiƙar wata amarya a rediyo. Mako 6 ke nan da ta fara shan ƙwayar tazarar haihuwa, sai ta riƙa ganin ɗan jini ruwan ƙasa a kamfai, alhali sauran kwana 10 al'adarta ta zo, har ta tsorata ta aje ƙwayar. Ma'aikatan asibiti "sifotin" suka ce mai. Ku taimaka da kalma.

Ɗan Mabera: Zubar jini mana.

Ungozoma Arkilla: Kul, ƙanena! Ka ce zubar jini a rediyo, mata za su zata irin na ɓari ne. Wanga ko audugar mata bai jiƙawa. Ƙwayar na sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri, kafin jiki ya saba sai ta riƙa saki kaɗan-kaɗan. Galibi cikin wata 3 na farko ne, kuma ya kan lafa da kanshi. A ɗakin awo abin da mata ke ce mani shi ne "Anti, jini na yi min wasa." Ni ɗigon jini nika cewa.

Malam na Runjin Sambo: Hajiya, kalma na nan tun kakanni: istihala. Ƙyuya ce ke sa mu aron Turanci.

Ungozoma Arkilla: Allah gafarta Malam, istihala hukunci ce. A Malikiyya ko ɗigo guda na iya zama haila, gwargwadon kwanakin tsarkin da sunka gabata. In ya kira shi duka istihala, ya yi fatawar salla bai sani ba.

Malam na Runjin Sambo: Wannan gaskiya ne. To a ƙirƙira: tsakanhaila.

Ɗan Mabera: Malam, haila ma ai Larabci ce.

Malam na Runjin Sambo: A garin Shehu za ka koya mani haka? Kullum sai mun jira Kano ta yanka muna kalma mu haɗiye.

Maman Biyu: Ni dai ya same ni a wata na 8, ba na farko ba. Ashe ranakun da nika mantawa in sha biyu washegari, su ne.

Ungozoma Arkilla: Yawwa ɗiyata, naki daban. Mantuwa, amai jim kaɗan bayan sha, zawo mai tsanani, ko maganin tarin fuka rifamfisin, duk suna kawo shi, kuma a nan kariyar ma ta yi rauni. Ita amarya, tunda ta aje, ciki na iya shiga, ta zo a gwada kafin ta koma. In ya wuce wata 3, ko yana zuwa bayan saduwa, ko da ciwon mara, zazzaɓi ko ruwa mai wari, a zo asibiti.

Mai Shirin Lafiya: Na gode Anti. Zan ce "ɗigon jini tsakanin al'ada", in ƙara da "wasan jini" yadda mata ke faɗi.

Malam na Runjin Sambo: Kalma huɗu inda guda ta isa. Ka dai ambaci tsakanhaila ko sau ɗaya, mu ji yadda za ta zauna a kunne.