Hasken waya ne ke hana mu barci, ko abin da muke dubawa?

Maman Biyu, Malali: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na kunna Night Light, fuskar wayata ta koma ruwan ɗorawa, amma har yanzu ƙarfe ɗayan dare idona biyu, asuba kuwa sai da ƙyar. Abin da na lura, daren da na karanta azkar a wayar, ko minti ashirin ba na kaiwa barci ya ɗauke ni. Daren da aka yi cacar baki a guruf ɗin dangi kan rabon gado, na kife wayar ƙarƙashin filo, amma ina ta tsara amsa a raina har aka kira assalatu. Wayar ɗaya ce, hasken ɗaya. Ku ma haka ne?

Tela, Kasuwar Barci: Wa alaikumus salam. Hajiya, hasken ne. Shuɗin haske yana danne sinadarin melatonin mai kawo barci. Ni tun da na daina latsa waya bayan isha'i, lafiya lau nake kwana.

Nas, Barnawa: Malam, ka yi gaskiya, amma da ka ajiye wayar ai har da labaran cikinta ka ajiye, to wanne ya taimake ka? A binciken jami'ar Harvard na 2015, mutum 12 sun yi karatu a iPad awa huɗu kafin kwanciya, dare biyar a jere, an ƙure hasken. Melatonin ya makara da kusan awa ɗaya da rabi, amma barcin kansa jinkirin kusan minti goma ya yi. To Anti, awa uku da kike rasawa sun fi ƙarfin hasken. Kuma ƙarfin hasken ma abin dubawa ne, ba launinsa kaɗai ba. Ki rage shi ƙasa sosai, ki bar shi haka. Dare uku azkar kawai, dare uku guruf, ki rubuta lokacin da kika kwanta, da safe ki ƙiyasta lokacin da barci ya zo. Ni haka na kama kaina, da bidiyoyin TikTok.

Ɗaliba, Kawo: Ni dai idona ke yin yaji da ruwa in an ɗauke wuta ina karatu a duhu. Gilashin nan na tare shuɗin haske zai yi magani?

Nas, Barnawa: Ƙanwata, naki gajiyar ido ce, rashin ƙiftawa ke kawo ta. Ki riƙa hutar da shi, in bai daina ba a duba miki.

Mai gadi, Rigasa: Ni da rana nake barci. In na tashi aiki da safe, hasken rana a hanyar gida ke wartsakar da ni, ko ban taɓa waya ba. Shi ya sa ban raina haske ba.

Maman Biyu, Malali: Na gode ƙwarai. Yau zan fara da daren azkar. Amma guruf ɗin nan, in na yi shiru kwana uku za a ce fushi na yi.