Me kuke rubutawa a ƙarƙashin sunan littafi?

Malamin kwas, Gumel: Assalamu alaikum malamai. Zangon nan ni ke da kwas ɗin yadda yara ke koyo, kuma yawancin ɗalibaina malaman firamare ne daga ƙauyukan da ke kewaye da mu, masu zuwa karatu ranar Asabar. Na ba su aikin tattara madogara, kowace da ɗan bayani a ƙarƙashinta. Abin da ke dawo mini bai wuce "wannan littafi yana magana a kan ci gaban yaro, yana da matuƙar amfani" ba. Bayani irin wannan zai hau kowane littafi. Wanda ya taɓa yin aikin nan, ko ya ɗauki wata madogara ya gwada a ajinsa, ya ba mu labarin yadda ya ƙare da ita.

Malamar aji uku, wajen Ringim: Wa alaikumus salam Malam. Lokacin da nake karatu, binciken da aka yi a Recife ta ƙasar Brazil ne ya faɗo a kaina, na Carraher da Carraher da Schliemann, 1985. Yara masu saye da sayarwa a bakin titi suka bi. Sai mai bincike ya zo kamar mai saye ya tambayi kuɗin kaya, daga baya a zaunar da yaron a ba shi irin lissafin nan da takarda da fensir. A wajen ciniki sun ci kusan kashi 98 cikin 100. Da aka ba su lambobi tsura, suka sauko wajen kashi 37.

Akwai yaro ɗan shekara 12 mai sayar da kwakwa, kowace 35. Aka ce a ba da huɗu. Ya ce uku 105 ne, a ƙara 30 ya zama 135, sauran biyar, 140. Da aka rubuta masa 35 sau 4, sai ya ce 4 sau 5 ashirin, a ajiye 0 a riƙe 2, a haɗa 2 da 3 ya zama 5, sau 4 ashirin. Ya rubuta 200. Ya haɗa abin da ya riƙe tun kafin ya ninka, kuma 200 ba ta ba shi mamaki ba, tunda a takarda ba kwakwa a gabansa.

Ina karantawa na tuna wata yarinya a ajina mai tallan awara. Ba ta taɓa ɓata canji, amma lissafin allo kan gagare ta. Na tambaye ta da baki, awara ta naira 50 guda shida, na ba ki 500. Kafin in rufe baki ta ce canjina 200. Na rubuta mata 500 a cire 300 ta tsaya tana kallona. Shi ya sa a bayanina na rubuta cewa binciken yana nuna yaro na iya riƙe lissafi a kansa ya kasa ƙa'idar rubuta shi, kuma kowane malamin ƙauye zai ga haka a ajinsa.

Malamin kwas, Gumel: Madalla Malama. To yara nawa aka yi binciken da su?

Malamar aji uku: Biyar ne Malam, daga shekara 9 zuwa 15. Na sa shi a layi na biyu, don kada wani ya ɗauki kashi 98 ɗin nan ya yi ta yawo da shi kamar ƙidayar ƙasa ce. Na kuma rubuta cewa binciken bai ce talla ta fi makaranta ba, don na ji masu faɗin haka.

Hedimasta, gefen Bichi: Ni shawarata a cire Piaget, masanin nan na ci gaban tunanin yara, daga jerin gaba ɗaya. 'Ya'yansa uku kawai ya zauna yana kallo a Switzerland, sai a ce da shi za a auna yaron Bichi?

Tsohon sufeto, Kazaure: Ranka ya daɗe Hedimasta, ka kama gefe guda. 'Ya'yansa uku su ne tushen abin da ya rubuta a kan jarirai. Gwajin ruwa kuwa da yaran Geneva masu yawa aka yi shi. Ana zuba ruwa daidai a kofi biyu, a juye ɗaya cikin siririn kofi mai tsawo, a tambayi yaro ko ruwan ya ƙaru. Ƙanana kan ce ya ƙaru, sai wajen shekara bakwai suke gane yana nan yadda yake. Ba cire shi za a yi ba, maƙwabta za a ajiye masa. Patricia Greenfield ta yi gwajin nan da yaran Wolof a Senegal, aka buga a 1966. Cikin waɗanda ba su shiga boko ba, da yawa sun ce ruwan ya canza saboda ita ce ta zuba. Da aka bar yaro ya zuba da hannunsa, masu amsa daidai suka ƙaru.

Na sa wani malamina ya gwada a wata makaranta hanyar Roni, da moɗa da kwalbar lemo. Da shi ya tambaya, yara suka yi tsit, wasu suka canza amsa da zarar ya maimaita tambayar. Kun san yaronmu, in babba ya sake tambaya, ɗauka yake amsar farko kuskure ce. Da yayar ɗaya daga cikinsu ta yi tambayar a gindin bishiya, sai baki ya buɗe. Saboda haka nake cewa bayanin kowace madogara ya faɗi wa ya yi tambaya, da wane harshe, kuma a ina. Margaret Donaldson ta yi dogon bayani a kan yadda yaro ke fassara nufin mai tambaya a littafinta na 1978, a ajiye shi kusa da Piaget.

Maman 'yan biyu, Dambatta: Don Allah in kun gama jerin a turo mini, yarana suna aji ɗaya, ina neman littattafan Hausa masu hotuna.

Malamin kwas, Gumel: Hajiya, wannan jerin na malamai ne, ba na karatun yara ba. Amma zan tambaya miki.

Malamin Islamiyya, Jahun: Malamai, ni damuwata haddar allo. Duk littafin da aka ba mu a kwas, in ya ambaci hadda sai dai suka. Da ƙyar na samu aikin Scribner da Cole na 1981 a kan mutanen Vai na Laberiya, masu rubutu iri uku: nasu na gado, Larabci da Turanci. Waɗanda suka yi karatun Alƙur'ani sun fi saura a gwajin da ake ƙara kalma ɗaya-ɗaya ana maimaitawa daga farko, irin yadda ake ƙara wa almajiri karatu. Na rubuta cewa hadda tana ƙarfafa ƙwaƙwalwa.

Tsohon sufeto: Allah gafarta Malam, ka ɗan rage faɗin jimlar. Fifikon a irin wannan gwajin ya fi fitowa, bai bazu ga kowane irin tuna abu ba. Kuma manya aka gwada, ba yara ba.

Malamin Islamiyya: Zan ƙara maganar manya, gaskiya ce. Ɗayan kuwa ban gamsu ba tukuna. Yaran da suka sauke a wurina suna saurin riƙe jadawalin sau in suka shiga boko.

Malamar aji uku: Riƙewa kam suna yi, Malam. Sai dai yaron kwakwa ma ya san 4 sau 5.

Malamin kwas, Gumel: Wannan muhawara zan kai ta aji yadda take. Saura gurbi ɗaya: aikin Ife na Fafunwa, wanda aka fara a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci duk shekara shida na firamare. Akwai wanda ya taɓa riƙe rahoton kansa a hannu, ba taƙaitawar da ke cikin takardun lacca ba? Ina son wanda zai rubuta bayaninsa ya duba irin horon da aka ba malaman da littattafan da aka tanadar musu, kafin ya jingina sakamakon ga harshe kaɗai.